Jawabi Kan Fassara Takardar Farashi Daga Ƙetare



Asusunmu na taimakon juna yana shirin sayo takardun jarrabawa daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi, wanda ya aiko mana da farashinsa a rubuce da hannu, cikin Faransanci. Tun da yake kuɗin nan gumin kowannenmu ne, ya kyautu mu san yadda aka karanta takardar kafin mu sa hannu.

Abu na farko shi ne waƙafi da ɗigo. Mu da muka tashi da lissafin Ingilishi muna raba dubbai da waƙafi, mu nuna ɓangaren lamba da ɗigo. A makarantun Faransanci akasin haka ne. Inda ya rubuta 2.500 F, sefa dubu biyu da ɗari biyar yake nufi, ba biyu da rabi ba. Inda kuma ya rubuta fentin allo 2,5 kg, kilo biyu da rabi ne, ba ashirin da biyar ba. Haka nan lambarsa ta 1 tana da doguwar jela a gaba, har ta yi kama da 7 ɗinmu. Tasa 7 kuwa koyaushe da gicciye a tsakiya.

Na biyu, ma'auni. Kalmar rame tana nufin ƙunshi mai falle 500, ba kwali ba. Haruffan P.U. kuma farashin guda ɗaya ne. A layin farko ya sa ƙunshi 20, kowanne a kan 2.500, jimla 50.000. Da muka ninka sai lissafi ya fito daidai, wannan ne ya tabbatar mana cewa mun karanta rubutun yadda yake. Duk layin da ninki ya ƙi kai mu ga jimlarsa, ba ma yin kintace, mai kaya muke tambaya.

Na uku, alamar HT da ke gefen jimlar. Ma'anarta ba a sa haraji ba tukuna. Harajin saye a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari, saboda haka in an ɗora shi, sefa 50,000 za ta koma 59,500. Sai mun ga TTC za mu san an haɗa komai.

Akwai kuma tarko a baki. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In ya ce mana “ɗari biyar” ta waya, 2,500 ɗin nan ce dai. Don haka muke neman kowane farashi a rubuce.

Shawararmu ita ce, a bar farashin cikin sefa a fassarar, a rubuta kowace jimla da lamba da kuma kalmomi. Naira ta zauna a nata gurbin tare da ranar da aka yi canji, domin canjin yau ba shi ne na gobe ba. Ma'aji zai liƙa asalin takardar da fassararta a allon sanarwa, kowa ya duba kafin taro na gaba.