Fitilun da ke jikin rauta da modem: me suke gaya maka?

Yau magana ce a kan 'yan fitilun nan da ke jikin rauta ko modem, waɗanda da yawanmu ba ma kallonsu sai ranar da intanet ya ɗauke. Zan yi misali da Jibiya, domin wanda ke zaune a bakin boda yana da wata matsala da mutumin cikin Katsina ko Kano bai cika gamuwa da ita ba.

Mu fara da bambance abubuwan biyu. Modem shi ne yake ɗauko intanet daga kamfanin layi ya shigo da shi. Rauta kuma ita ce take rarraba shi ga wayoyi da kwamfutocin da ke gidan ko shagon. Akwatin da aka fi saya a wajenmu, wanda ake sa wa layi a ciki, ya haɗa aikin biyu a jiki ɗaya. Shi ya sa fitilunsa suka kasu gida biyu: wasu suna ba da labarin waje, wato tsakanin akwatin da ƙarfen sabis, wasu kuma labarin cikin gida, tsakanin akwatin da wayarka. In ka riƙe wannan, ka gama rabin karatun.

Fitilar farko ita ce ta wuta, wadda aka rubuta wa POWER ko aka zana mata da'ira da ɗan layi a sama. Ana so ta kunnu ta tsaya cak. In ba ta kawo ba, kada ka wahalar da kanka da sauran, duba soket da adafta. In kuma ka ga duk fitilun suna mutuwa suna dawowa, akwatin ne yake ta tashi daga farko, kuma galibi wutar ce ba ta ishe shi ba. Masu sola da batir sun san wannan da daddare. Yawancin irin waɗannan akwatunan bolt 12 suke ci, an rubuta a ƙarƙashinsu, don haka kada a sa musu adaftar da aka tsinta kawai don bakinta ya shiga.

Ta biyu ita ce fitilar sabis, kuma ita ce uwa uba. A jikin Huawei B310 da B315, waɗanda suka yawaita a shaguna, launinta yana canzawa. Shuɗi mai haske, mai ɗan ratsin kore, yana nufin ta kama 4G. Shuɗi sosai 3G ne. Ruwan ɗorawa 2G ne, wanda da ƙyar zai buɗe maka shafi. Ja kuwa yana nufin ba ta shiga sabis ba: ko ba ta ga layin ba, ko layin yana neman lambar sirri, ko ta kasa haɗuwa da kamfanin. Wasu kamfanonin da nasu tsarin launi, sai ka duba 'yar takardar da ta zo cikin kwali. Amma kusan ko'ina ja ba alheri ba ne. Kusa da ita akwai sandunan ƙarfin sabis, irin na saman waya. Sanda ɗaya na nufin ka matsar da akwatin kusa da taga ko ka ɗaga shi sama, musamman a shagon kwano ko kwantena.

Ta uku ita ce ta waifai, an rubuta WLAN ko Wi-Fi. To a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wannan fitilar ba ta ce akwai intanet ba. Abin da ta ce kawai shi ne akwatin yana watsa waifai a cikin ɗaki. Kamar famfo ne da aka ja bututu har tsakar gida: bututun lafiyarsa lau, amma in ba a sako ruwa daga madatsa ba, ko ɗigo ba za ka gani ba. Mutanen Jibiya sun ga haka a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya. Duk wanda ya kunna rauta a lokacin, fitilar waifai za ta kawo, wayarsa ma za ta haɗu da ita, amma babu abin da zai buɗe.

Yanzu mu ɗauki misali. A ce kana da shago a Magama, kana yi wa mutane cike fom da tura kuɗi. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, mutum biyar na tsaye a kanka, sai intanet ya tsaya. Kafin ka ce rautar ta mutu, bi fitilun ɗaya bayan ɗaya. Ta wuta a tsaye take, to ba wuta ba ce. Ta waifai a kunne, waya ta haɗu, to cikin gida lafiya. Ta sabis ja ce. Ka ga matsalar ta rage tsakanin layi da kamfani.

Kashe akwatin, ciro layin, goge ƙurar da ke kan ƙarfensa, mayar da shi daidai, ka kunna, ka ba shi kamar minti biyu. In har yanzu ja ce, sa layin a waya ka ga sunan da zai fito a sama. In ka ga sunan kamfanin Nijar, irin su Moov ko Zamani, ko harafin R kusa da sanduna, to sabis ɗin gida ne ya yi rauni har layinka ya kama na ɓangaren Ɗan Isa. Sabis bai san boda ba. Yawancin akwatunan kuma an saita su kada su ja data a sabis ɗin wata ƙasa, kuma gara haka, don kuɗinsa daban ne da na datar da ka saya. Sai ka mayar da layin, ka buɗe burauza a wayar da ke kan waifai ɗin, ka rubuta adireshin da ke ƙarƙashin akwatin. Na Huawei yawanci wannan ne:

```
192.168.8.1
```

A saitin sabis, sauya binciken kamfani daga Auto zuwa Manual, ka zaɓi kamfanin layinka da hannunka, sannan ka matsar da akwatin gefen da ke fuskantar cikin gari.

Idan kuma fitilar sabis lafiya lau take, sanduna a cike, amma babu abin da ke buɗewa, fara da duba data. Babu fitilar da ke sanar da kai data ta ƙare.

Saura biyu a taƙaice. LAN tana kunnuwa ne kawai in ka jona kebul zuwa kwamfuta, kuma ƙyaftawarta alama ce bayanai na wucewa, ba lalacewa ba. Masu intanet na kebul ɗin faiba a manyan birane kuma, PON ake so ta tsaya a kunne. In LOS ta yi ja, haske ba ya isowa ta kebul ɗin, wannan sai ma'aikatan kamfani.

Gargaɗi ɗaya kafin mu tashi. Ɗan ramin nan na baya mai suna RESET, kada ka soka masa tsinke don ka ga jar fitila. Zai goge sunan waifai da fasawod ɗin da ka sa, ya mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, kuma ba zai kawo sabis ɗin da babu shi ba. Cire wuta na daƙiƙa 30 ka mayar ya fi shi sau dubu.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.