Tsakuren Bincike: Faɗi Abin da Ka Gano, Ka Tsaya Inda Hujja ta Tsaya



An nemi in yi magana kan tsakure, wato sakin layin nan guda da ke farkon kundin bincike. Ƙa'idar APA, wadda galibin sassan ilimi ke bi, ta taƙaita shi ga kalmomi 250 ko ƙasa da haka. Mai neman bayani a rumbun mujallu irin su AJOL da ERIC, tsakure yake fara gani, daga shi kuma yake yanke shawarar ko zai buɗe aikin ko ya wuce. Saboda haka dole ya wadatar da kansa, ba sai an leƙa babi na huɗu ba.

Ga misali da na tsara don wannan zama. Mu ɗauka wata ɗaliba mai rubuta kundi ta gwada koyar da karatu gaɓa-gaɓa, irin su ba, bi, bu, a aji biyu na firamare. Tana da rukuni biyu a makaranta ɗaya, kowanne yara 40 da malamarsa daban. Ɗaya ya bi sabuwar dabarar tsawon mako 8, ɗayan ya ci gaba da maimaita abin da aka rubuta a allo. Ta ƙirga kalmomin da kowane yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya, a farko da ƙarshe.

Abin da irin wannan ɗaliba ta saba rubutawa shi ne: "Ilimi ginshiƙin ci gaba ne. Wannan bincike ya duba matsalolin karatu a makarantun firamare. An tattara bayanai, an yi nazarinsu, an kuma ba da shawarwari." Wanda ya karanta wannan bai san aji nawa ba, bai san me aka gwada ba, bai san me ya fito ba.

Manufa jimla ɗaya ta ishe ta, muddin ta ambaci me aka gwada, a kan su wa, kuma me aka auna. Hanyar bincike kuwa ta faɗi yawan yaran, yadda aka raba su, tsawon lokaci da abin awo. A nan gaskiya ke da muhimmanci. Idan yara 6 ba su zo gwajin ƙarshe ba, 74 za a rubuta, kada a bar 80. Idan azuzuwan da aka tarar aka ɗauka, ba a yi ƙuri'a wajen rabon ba, a faɗa.

Sakamako shi ya kamata ya ci wuri mafi yawa, amma shi ɗalibai suka fi yi wa rowa. "An sami bambanci" bai gamsar ba. Wane rukuni ne ya fi, kuma da nawa? Sai kammalawa, inda ake yawan zarce gona da iri. Makaranta ɗaya ba ta isa a ce gwamnati ta sauya manhajar jiha ba. Kuma tunda malamai biyu ne suka koyar, mai yiwuwa ƙwazon malamar ne ya jawo wani ɓangare na bambancin.

To, ga yadda tsakuren zai kasance bayan gyara:

"Binciken ya gwada ko koyar da karatu gaɓa-gaɓa na ƙara saurin karatun Hausa ga yaran aji biyu a wata firamare. An yi amfani da azuzuwa biyu da aka tarar, yara 74 suka kammala. Aji ɗaya ya bi dabarar tsawon mako 8, ɗayan ya ci gaba da hanyar da aka saba. An ƙirga kalmomin da aka karanta daidai a minti ɗaya, kafin gwaji da bayansa. Matsakaicin ajin gwaji ya tashi daga kalmomi 9 zuwa 21, na ɗaya ajin daga 10 zuwa 14. Wannan na nuna dabarar za ta iya taimakawa a irin wannan aji, sai dai makaranta ɗaya ce kuma malaman sun bambanta, don haka akwai buƙatar a maimaita gwajin a wasu makarantu."

Ku lura, babu sunan wani marubuci a ciki, babu tarihin ilimi, babu alƙawarin "za a tattauna". Kowane adadi kuma dole ya yi daidai da na jadawalin da ke cikin kundi, shi ya sa sai an gama aiki ake rubuta tsakure.

Kafin ka miƙa wa mai duba aikinka, ka ba abokin karatunka wanda bai san binciken ba ya karanta sau ɗaya. Ka karɓe takardar, ka tambaye shi: me aka nema, yaya aka yi, me aka samu, me hakan ke nufi? Tambayar da ya kasa amsawa, nan gyaranka yake.