Yadda Bawul Mai Ƙafa Uku Yake Ƙara Ƙarfin Sigina



Zan fara da gyara wata magana da aka saba yi. Akan ce bawul yana ɗaukar ƙaramar murya ya mai da ita babba, kamar dai yadda yisti ke kumbura fulawa. Ba haka abin yake ba. Siginar da ta shiga bawul ba ita ce take fitowa ba. Abin da ke fitowa wata sabuwa ce, wadda aka ɗebo daga wutar da akwatin ke sha, aka zuba ta cikin siffar ta farkon. Wanda ya taɓa ganin mai ban ruwa yana ɗaga ƙofar magudana da hannu ɗaya, ruwa mai nauyin gaske yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga motsin hannun nasa, ya riga ya fahimci rabin laccar yau. Saboda haka ma Ingilishi suka raɗa wa wannan kwalba suna bawul, watau abin buɗewa da rufewa.

A shekarar 1904 John Ambrose Fleming ya ƙera bawul mai ƙafa biyu a Ingila. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. A ciki akwai katod, wanda idan ya yi zafi yakan saki ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektaron, akwai kuma faranti na ƙarfe. Ilektaron nagatif ne, don haka idan aka ba faranti wuta fozitif sai ya jawo su, su ratsa sararin da ke tsakani. A 1906 Lee de Forest a Amirka ya ƙara ƙafa ta uku. A irin bawul ɗin da aka sani daga baya, wannan ƙafa siririyar waya ce da aka nannaɗa kewaye da katod, da tazara tsakanin zagaye da zagaye. Ita zan riƙa kira raga. Da ita bawul ya zama tirayod.

Asirin raga shi ne kusancinta da katod. Faranti yana can nesa yana ja, raga tana nan bakin ƙofa. Idan aka sa ta zama nagatif sai ta riƙa kore ilektaron tana mayar da su baya, kaɗan ne ke sulalewa ta ramukanta. Da yake ta fi kusa, bolt ɗaya a jikinta yana iya rinjayar bolt da yawa a jikin faranti. Yawan wannan rinjaye shi ake rubutawa da harafin μ. Kuma muddin raga tana nagatif ilektaron ba sa sauka a kanta, ke nan kusan ba ta shan komai daga siginar da ke juya ta.

Bari mu kama bawul guda mu bi shi, don magana a sama ba ta gyara rediyo. Na zaɓi 12AX7, wanda a Turai ake rubuta masa ECC83. Kwalba ɗaya ce mai tirayod biyu, kuma har yanzu ana ƙera ta saboda masu amfilifayar garaya irin ta Turawa, ko da yake taransista ta daɗe da karɓe yawancin aikin bawul. Ƙarfin rinjayensa, watau μ, 100 ne. Turjiyar da ke cikinsa tsakanin katod da faranti kuwa wajen om 62,500 ce. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu komo gare su.

To, a ce mun haɗa faranti kai tsaye da wuta mai bolt 300, muka sa sigina a raga. Kwararar lantarki za ta riƙa hawa da sauka, gaskiya ne, amma faranti zai zauna daram a kan 300, domin an ɗaure shi da tushen wutar. Ba mu sami komai ba ke nan. Sai mu sa resista tsakanin faranti da tushen wutar, ita ce ake kira lodin faranti. Mu ɗauki mai om 100,000. Bisa ga ƙa'idar Ohm, duk miliamfiya ɗaya da ta bi ta cikin wannan resista za ta cinye bolt 100. In bawul na jan miliamfiya 1, lodi ya ci 100, faranti ya tsaya a 200. Yanzu faranti ya sami 'yancin motsi: kwarara ta ƙaru ya sauka, ta ragu ya hau. Aikin lodi ke nan, mai da canjin kwarara ya zama canjin bolt.

Saura mu tambayi inda raga za ta zauna lokacin da babu sigina. Wannan mazauni shi ne bayas, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sigina aba ce mai lilo, tana hawa sama da mazauninta tana sauka ƙasa da shi. Bawul kuwa yana da bango biyu. Idan raga ta yi nisa cikin nagatif, a wannan bawul wajen bolt 3 ko ɗan fiye da haka, kwarara takan yanke gaba ɗaya, faranti ya haye 300 ya tsaya, duk abin da sigina ta ƙara yi bayan nan ya ɓata. Idan kuma raga ta matso kusa da sifiri, sai ta fara kama ilektaron da kanta, ta shiga shan wuta daga siginar, ta daddatse mata kai. Ashe wurin da ya dace shi ne tsakiya, wajen bolt 1.5 nagatif, don lilon ya sami fili ta kowane gefe.

A da can batir na musamman akan ajiye don wannan aiki. Dabarar da ta maye gurbinsa ta burge ni tun ranar da na fara gane ta. Maimakon a saukar da raga, sai a ɗaga katod. Akan sa resista mai om 1,500 tsakanin katod da layin ƙasa. Miliamfiya 1 ɗin nan da ke bi ta cikin bawul dole ta bi ta cikinta, sai katod ya tashi zuwa bolt 1.5. Ita kuwa raga an ɗaure ta da layin ƙasa ta hanyar resista mai om miliyan 1, wadda kusan babu abin da ke bi ta cikinta, don haka tana kan sifiri. In ka tsaya a wurin katod ka dubi raga, za ka gan ta bolt 1.5 a ƙasa da kai, kuma bawul bai san wani awo ba sai wannan. Bugu da ƙari tsarin yana gyara kansa. In bawul ya nemi jan wuta fiye da kima, katod zai ƙara tashi, raga ta ƙara zama nagatif a idonsa, kwararar ta koma baya.

Yanzu mu saki sigina mai lilon rabin bolt sama, rabin bolt ƙasa. Da ta hau, bayas ya koma 1.0, kwarara ta kai kamar miliamfiya 1.3, lodi ya ci bolt 130, faranti ya sauka 170. Da ta sauka, bayas ya zama 2.0, kwarara ta koma 0.7, lodi ya ci 70, faranti ya hau 230. Raga ta yi tafiyar bolt 1, faranti ya yi tafiyar 60. Ku lura kuma da cewa siffar ta fito a kife: raga na hawa, faranti na sauka.

Wani zai ce, ina 100 ɗin da aka yi mana alkawari? Amsar ita ce turjiyar cikin bawul tana raba riba da lodi, kowa gwargwadon girmansa. Lissafin ga shi:

```
A = μ × RL / (rp + RL)
A = 100 × 100,000 / (62,500 + 100,000) ≈ 61
```

A nan RL shi ne lodi, rp kuma turjiyar ciki. Mai kwaɗayi zai ce to a ƙara lodi mana. Ana yi, akan sa mai om 220,000 a sami ƙari, amma ba kamar yadda takarda ta nuna ba, domin babban lodi yana rage kwarara, kuma idan kwarara ta ragu turjiyar cikin bawul takan ƙaru. Ga shi kuma babban lodi ya fi saurin zubar da siraran sautuka, mataki na gaba kuma ya fi saurin danne shi. Ko ƙaƙa aka yi ba za a kai 100 ba.

Akwai sharaɗi guda da na ɓoye a lissafin nan. Gyaran kai da na yaba ɗazu bai san bambanci tsakanin ɓarna da sigina ba. Sigina ta ɗaga raga, kwarara ta ƙaru, katod ma ya biyo ta sama, ya cinye wani kashi na motsinta. Da lambobinmu, ƙarin ƙarfi zai faɗo daga 61 zuwa wajen 32. Maganin shi ne a jera kwandansa mai maikurofarad 22 ko 25 kusa da resistar katod, ta riƙa shanye lilon ta bar katod a tsaye kan 1.5. Wasu masu ƙira da gangan suke cire ta, su haƙura da rabin ƙarfi don sauti ya fi tsabta. Wata kwandansar kuma, ƙarama, tana bakin fita daga faranti. Ita ke tare bolt 200 ɗin nan ta bar lilon kaɗai ya wuce zuwa ragar bawul na gaba.

Amfanin sanin waɗannan lambobi yana bayyana ne ranar da akwati ya yi shiru. Awo biyu sun isa a fara da su, na faranti da na katod. In ka sami faranti a 300 cif, katod a sifiri, bawul ba ya jan komai, sai ka duba ko wayar ɗumama katod tana haske. In katod yana sifiri faranti ma ba wuta, ga shi kuwa 300 na nan a ɗaya bakin lodi, to lodin ne ya tsinke. In duk awon daidai ne amma murya ta yi rauni, zargi kwandansar katod, tsufa kan busar da ita. Mafi sharri ita ce kwandansar bakin fita idan ta fara yoyo, domin takan zuba fozitif a ragar bawul na gaba ta rushe masa bayas. Sauti ya dusashe, in kuwa babban bawul ne na fitar da murya, za ka ga farantinsa ya yi ja kamar garwashi, kuma ba zai daɗe ba. Auna ragarsa: in ka ga fozitif inda ya kamata a ga sifiri, ka kama ɓarawon.

Ga ɗaliban da za su taɓa wannan da hannunsu gobe a ɗakin gwaji, bolt 300 yana kisa, kuma manyan kwandansoshin tushen wuta sukan riƙe cajinsu bayan an zare fulogi. A sauke cajin ta cikin resista, a auna a tabbata ya sauka, sa'an nan a sa hannu.

Shugaba, a nan zan dakata don tambayoyi.