Kada ku sa kwastoma ya maimaita: yadda bot ke miƙa hira ga mutum

Yau zan fara ne da abin da ya same ni, don shi ya jawo wannan maganar.

Kwanakin baya na sayi kaya a wani shago ta WhatsApp. Na tura kuɗi, an cire min, amma oda ba ta shiga ba. Bot ɗinsu ya tambayi lambar oda, na ba shi. Ya nemi hoton rasit, na tura. Can sai ya ce zai haɗa ni da ma'aikaci. Na jira, na jira, ga ma'aikaci ya zo. Kun san me ya fara rubutawa? "Barka da rana, da me za mu taimaka maka?" Wallahi a nan raina ya ɓaci. Jinkirin na iya haƙuri da shi, amma a ce duk bayanin da na zuba ya bi iska?

To abin da nake so ku riƙe a yau ke nan, musamman ku masu haɗa bot wa 'yan kasuwa. Miƙa hira ga mutum aiki uku ne: sanin lokacin miƙawa, tura bayani tare da hirar, sannan bot ya yi shiru.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce shagon atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, suna da bot a WhatsApp da ma'aikata biyu masu amsa saƙo. Wata Hajiya ta sayi turmi biyu na naira 38,500, ta yi tiransifa, kuɗin sun fita, amma a wajen shago oda tana nuna ba a biya ba.

Yaushe ya kamata bot ya janye?

Dalili na farko shi ne idan ta nema da bakinta. Wannan ba a jayayya da shi. Kada bot ya ce "bari in sake gwadawa". Ka'idar WhatsApp Business ma ta yarda a yi amfani da amsar inji, amma da sharaɗin a bar wa kwastoma hanya bayyananniya ta isa ga mutum. Matsalar ita ce mutanenmu ba hanya ɗaya suke nema ba. Wani zai rubuta "ina son magana da mutum", wani "haɗa ni da oga", wani "ina mai shagon?", wani kuma ya rubuta `agent` kawai. Ga kuma rubutun waya, babu ƙugiya a haruffa: "hada ni", "kudina". Idan ka koya wa bot ɗinka Hausar littafi zalla, da yawa daga waɗannan za su wuce bai gane ba. Ka buɗe tsofaffin hirarrakin shagon, ka kwashe yadda mutane suke rubutawa da gaske. Ka kuma sa maɓalli a fili, wanda ba ya buƙatar a gane komai.

Na biyu, idan bot ya kasa ganewa sau biyu a jere. Me ya sa biyu? Na farko yana iya zama kuskuren rubutu, sai a ce ta sake faɗa. Idan na biyu ma bai shiga ba, to ba rubutun ba ne, maganar ce ta fi ƙarfin abin da aka koya masa. A Dialogflow CX akwai `sys.no-match-1`, `sys.no-match-2`, har zuwa na shida, kuma kai ne za ka zaɓi abin da zai faru a kowanne. Ni a na biyu nake ɗaura miƙawa. Saƙon murya ma a nan nake sa shi. Idan bot ɗinka ba ya juya murya zuwa rubutu, kuma Hajiya ta turo muryar minti biyu, kada ya yi ta ce mata "ki rubuta". Ta yiwu rubutun ne ke mata wuya.

Na uku shi ne wanda masu farawa suka fi mantawa: maganar da bot ya gane sarai, amma ba huruminsa ba ce. Hajiya ta ce an cire mata kuɗi. Bot ya fahimta ɗari bisa ɗari. To amma zai iya shiga asusun shago ya duba? Zai iya yanke hukuncin a mayar mata? A'a. Saboda haka duk maganar kuɗin da suka maƙale, mayar da kuɗi, zargin damfara ko barazanar kai ƙara, kai tsaye a miƙa, ko da saƙon farko ne.

Kuma ba wasa ba ne. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a British Columbia ta ƙasar Kanada ta yanke wa kamfanin jiragen sama na Air Canada hukuncin biyan wani fasinja, saboda bot ɗin shafinsu ya ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. Kotun ta ce abin da bot ya faɗa, kamfanin ne ke da alhakinsa. Ka ga idan bot ɗinka ya ce wa Hajiya "za a mayar miki gobe", mai shago ka ɗora wa alƙawari.

Za ku ce, ina batun fushi? E, akwai manhajojin da ke auna fushi a rubutu, amma ku yi hattara da su a Hausa. Bahaushe yana iya rubuta "ba komai, na gode" alhali ya gama yanke shawarar ba zai sake sayen ko zare a wajenku ba. Inji zai karanta wannan a matsayin gamsuwa. Alamar da ta fi aminci ita ce maimaici: ta turo saƙo iri ɗaya sau uku, ko ta dawo kan oda ɗaya a rana ɗaya.

Yanzu mu zo kan zuciyar maganar, wato abin da ake turawa tare da hirar.

Wasu suna cewa ai ma'aikaci yana ganin duk hirar, ya karanta mana. Ma'aikacin da ke da mutum goma a layi ba zai karanta saƙo talatin ba. Tsallakewa zai yi, ya tambaya daga farko. Shi ya sa bot zai haɗa ɗan taƙaitaccen kati, wanda za a karanta da kallo ɗaya. Ga na Hajiya, na sa shi a rubutun shirin:

```json
{
  "dalili": "kudi_sun_fita_oda_ba_ta_shiga_ba",
  "oda": "4417",
  "kudi": 38500,
  "rasit": "an_turo",
  "an_tabbatar": false,
  "bot_ya_fada": "ma'aikaci zai duba asusu",
  "harshe": "ha"
}
```

Ku lura da layuka uku. Layin `an_tabbatar` yana raba abin da kwastoma ta faɗa da abin da aka duba aka gani. Ta ce ta biya, ta turo rasit, amma babu wanda ya ga kuɗin a asusu tukuna. A garin da rasit ɗin bogi ke yawo, idan katin ya ce "ta biya" kawai, ma'aikaci yana iya sakin kaya a kan hoto. Layin `bot_ya_fada` kuma yana hana ma'aikaci ƙaryata abin da aka riga aka gaya mata. Sai `harshe`, don kada a haɗa ta da wanda zai buɗe mata da Turanci.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kati. Idan cikin ruɗewa ta turo lambar katin banki ko lambar sirri, kada a kwafa su gaba. A rufe su, a kuma gaya mata kada ta sake turawa kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana buƙatar a taƙaita bayanan da ake tarawa ga abin da aikin ke bukata.

Da wannan katin, saƙon farko na ma'aikaci zai zama: "Hajiya barka da rana, na ga batun odarki mai lamba 4417, naira 38,500, kuma na ga rasit ɗin. Ina duba asusunmu yanzu." Ba tambaya ko ɗaya. Hankalinta ya kwanta tun kafin a warware matsalar.

Aiki na uku, bot ya yi shiru. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ma'aikaci yana rubutu, Hajiya ta amsa da "to", sai bot ya faɗo da "Barka da zuwa! Danna 1 don ganin kaya." Dole kowace hira ta kasance da mai ita guda ɗaya a lokaci guda. A Chatwoot, alal misali, hirar da ke hannun bot tana matsayin `pending`, idan aka miƙa sai ta koma `open`. Ka rubuta bot ɗinka ya duba matsayin kafin ya buɗe baki, kuma kada ya dawo sai ma'aikaci ya rufe hirar. Katin ma a saƙon cikin gida ake sa shi, wanda ma'aikata kaɗai ke gani.

To idan babu kowa fa? A ce ƙarfe 11 na dare abin ya faru, kasuwa ta tashi tuntuni. Kada bot ya ce "ana haɗa ki yanzu". Ya faɗi gaskiya: an karɓi bayaninta, ma'aikata suna fitowa ƙarfe 9 na safe, kuma ba sai ta sake turo komai ba. Sannan ku tuna, a WhatsApp Business Platform awa 24 gare ku daga saƙon kwastoma na ƙarshe ku amsa da rubutun da kuka ga dama. Idan suka wuce, sai da saƙon da Meta ta riga ta amince da tsarinsa. Wato in ta rubuto daren Asabar, shago ba ya fitowa Lahadi, ran Litinin ƙofar ta rufe. Ku tanadi irin wannan saƙon tun da wuri, ko a sa wani ya leƙa layin ran Lahadi.

Ta yaya za ka gane naka yana aiki? Ga aikin gida. Ka ɗauko hirarraki 20 na ƙarshe da aka miƙa. A kowace, karanta saƙon farko na ma'aikaci. Idan tambaya ce da amsarta tana sama, katinka bai yi ba, ko ba a ajiye shi inda ido zai kai ba. Sannan ka ƙirga saƙo nawa kwastoma ya turo kafin a miƙa shi. In ka ga bakwai, takwas, to bot ɗinka yana riƙe mutane fiye da kima. In kuma har tambayar farashin turmi ana miƙawa, ya cika saurin janyewa, ma'aikatanka za su nutse, mai matsalar kuɗi ya tsaya a bayan mai tambayar kala.

Abu na ƙarshe: ka duba hirarrakin da suka mutu a hannun bot ba tare da an miƙa ba. A lissafi za su fito kamar an gama da su lafiya. Wasu an gama ɗin. Wasu kuwa mutumin ne ya gaji ya tafi shagon gaba, kuma ba zai zo ya gaya maka ba.

A nan za mu dakata. Wanda ya yi gwajin hirarraki 20 ɗin, ya zo ya ba mu labarin abin da ya tarar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.