Ɗigon Wilder: yadda yake ƙara sauri, da inda yake cutar da mai ciniki



Duk wanda ya taɓa buɗe jadawalin farashi a manhajar ciniki ya ga wasu ɗige-ɗige masu bin farashi, wani lokaci a ƙasansa, wani lokaci a samansa. Sunansu a allo Parabolic SAR. J. Welles Wilder ne ya fito da su a littafinsa na 1978, New Concepts in Technical Trading Systems. Dokarsu gajera ce: idan ka saya, ɗigon yana ƙasan farashi; ranar da farashi ya taɓa shi, ka sayar, kuma nan take ka koma cinikin faɗuwa. Babu ranar da tsarin zai ce ka fita ka jira. Ku riƙe wannan, domin a nan ciwon yake.

Ga lissafin:

```
SAR(gobe) = SAR(yau) + AF × (EP − SAR(yau))
```

EP shi ne farashi mafi tsada da aka kai tun da hawan ya fara. AF kuwa ma'aunin ƙara sauri ne. Yana farawa daga 0.02, ana ƙara masa 0.02 duk ranar da farashi ya kai sabuwar ƙololuwa, kuma ba ya wuce 0.20. Ranar da ba a samu sabuwar ƙololuwa ba, yana nan yadda yake.

Mu ɗauka ɗigon yana 100, ƙololuwa kuma 110. Tazararsu 10 ce, kashi biyu cikin ɗari nata 0.20, don haka gobe ɗigon zai koma 100.20. Washegari farashi ya kai 112, AF ya zama 0.04, ɗigon ya hau 100.67. Sai farashi ya kai 115, AF ya zama 0.06, ɗigon ya kai 101.53. Da farko tafiyar hawainiya ce, kuma da gangan aka yi haka, don a ba sabon hawa sarari ya tsaya da ƙafarsa. Bayan sabuwar ƙololuwa tara AF ya cika 0.20, daga nan ɗigon yana cinye kashi ɗaya cikin biyar na tazarar kowace rana. Ko farashi ya tsaya cak, tazarar 10 za ta koma 8, sannan 6.4, sannan 5.12. Cikin kwana uku kusan rabi ya tafi. Wato tsarin yana hukunta jinkiri, ba faɗuwa kaɗai ba. A kasuwar da ta miƙe, wannan hikima ce ta gaske, domin yana tsare maka ribarka tun kafin juyin ya yi nisa.

To, yanzu mu kai shi kasuwar da ke kai-komo tsakanin 100 da 110. Idan ɗigon ya juya, sabonsa yana farawa ne daga EP na baya, AF kuma ya koma 0.02. Ka saya a 107, ɗigon ya faro daga 100. Farashi ya ɗan hau 108, 109, 110, AF bai wuce 0.06 ko 0.08 ba, sai hawan ya ƙare. Ɗigon yana rarrafe, farashi yana gangarowa, suka haɗu wajen 103. Ka sayar da asarar 4, ka shiga cinikin faɗuwa a daidai lokacin da faɗuwar ta kusa ƙarewa. Sabon ɗigon ya faro daga 110, farashi ya taɓa 100 ya juyo, suka sake haɗuwa wajen 107. Wata asarar 4, ban da kuɗin dillali. Kana saye kusa da sama, kana sayarwa kusa da ƙasa, alhali lissafin bai yi kuskure ko ɗaya ba. An gina shi ne a kan zaton cewa duk juyi mafarin doguwar tafiya ne.

Masu koyo sukan ce sai a gyara AF. Idan ka ɗaga shi, ɗigon zai manne wa farashi, juye-juyen su yawaita. Idan ka rage shi, zai ƙara makara, ka shiga daf da gefen kai-komon. Babu lambar da za ta koya masa zama.

Alamar tana bayyana a ido: ɗige-ɗigen suna tsallake farashi bayan 'yan kwanaki, jerinsu gajeru, ba su samu sun lanƙwasa ba. Wilder da kansa ya ba da shawarar a haɗa shi da ma'auninsa na ƙarfin tafiya, wato ADX. Masu ciniki da yawa suna ɗaukar ADX ƙasa da 20 a matsayin kasuwar da ba ta da alƙibla, kodayake shi ma yana makara.

Roƙona gare ku, ɗalibai: kafin ku sa kobo a kansa, ku ɗauki jadawalin wata shida, ku lissafa kowane juyi da hannu, ku raba na lokacin tafiya da na lokacin kai-komo, ku cire kuɗin dillali daga kowanne.