Sa wa Magana Suna Tun Ranar da Aka Yi Ta: Jawabi ga Malaman Reshe a Sharabi

 

An umarce ni da in yi magana a kan yadda za mu riƙa adana tattaunawarmu ta waya, yadda in an nemi wata magana bayan wata takwas za a same ta ba tare da an kwana ana murza allo da yatsa ba. Kowa a ɗakin nan ya san cewa mafi yawan harkar ƙungiya yanzu a WhatsApp ake yin ta. Malami yana Tsamiya ko Lolo ko Illo, sakatare yana Bagudo, wanda ke bin takardar kuma yana Birnin Kebbi, ga kuɗin mota ya yi tsada. Saboda haka ƙorafin albashi da batun ƙarin girma da canjin wurin aiki duk ta waya suke bi, kuma galibinsu da murya ake aika su, domin Bahaushe ya fi sakewa da baki a kan rubutu.

To, a nan gizo ke saƙar. Wurin bincike na WhatsApp, wanda ke da alamar madubin dubawa, rubutu yake nema. Yana duba kalmomin saƙo, da sunan mutum ko na zaure, da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto, da sunan takardar da aka tura. Ba ya sauraron murya. A ƙarshen 2024 kamfanin ya fito da hanyar mayar da saƙon murya rubutu, amma Hausa ba ta cikin harsunan da aka fara da su, balle Fulatanci ko Dandanci da ake ji a kasuwanninmu. Idan shugaban makaranta ya yi minti huɗu yana bayanin abin da aka yanke game da wani malami, abin da waya ta sani game da wannan bayani shi ne suna irin `PTT-20250312-WA0003.opus`, wato ranar da aka yi shi da lambar jerinsa, ba ƙari. Hoton wasiƙa ma haka, sunansa kan zama irin `IMG-20250312-WA0007.jpg`. Duk abin da ke cikinsu a rufe yake ga mai bincike.

Maganin da nake kawo muku layi ɗaya ne na rubutu. Duk saƙon murya ko hoton takarda da ya shafi haƙƙin wani, a danne shi, a zaɓi `Reply`, a rubuta layi guda mai ɗauke da abu uku: batu, da wuri, da rana. Dalilin yin sa ta hanyar amsa shi ne amsar tana ɗaure da ainihin saƙon. In ka samo layin bayan watanni ka taɓa ɗan akwatin da ke samansa, waya za ta kai ka kan muryar kanta, ko da saƙo dubu ya biyo bayanta.

Bari mu ƙaddara wani misali, mu bi shi daki-daki. A ce wata malama a wata firamare ta nan Sharabi ta karɓi takardar ƙarin girma, amma albashinta bai canja ba. Ranar Laraba, 12 ga Maris 2025, wakilin reshe ya kai maganar inda ya dace, ya dawo ya aika murya a zauren shugabanni yana bayanin abin da aka ce masa da takardun da aka nema. Nan take sakatare ya amsa wannan murya da layi kamar haka:

```
batugirma Sharabi 20250312 an nemi kwafin takarda biyu
```

Aka shiga hutu, damina ta zo ta wuce, aka buɗe sabuwar shekarar karatu. A watan Nuwamba malamar ta zo tana tambaya, wakilin kuma an canja masa wurin aiki. Abin da kowa ke iya tunawa shi ne an yi maganar cikin azumi. Idan babu layin, sai an koma baya cikin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna da ta'aziyya na wata takwas, ana buɗe muryoyi ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai shi, sakatare zai rubuta `batugirma` a wurin bincike, saƙonnin ƙarin girma kaɗai su fito, ya duba mai ɗauke da Sharabi, ya taɓa, ya saurari abin da aka faɗa da bakin wanda ya faɗa. Daga nan za a san ko malamar ce ba ta kawo takardun ba, ko an kai su ne aka yi shiru. Bambancin waɗannan biyun shi ne bambancin matakin da ƙungiya za ta ɗauka.

Wani zai ce me ya sa aka haɗe kalmar, ba a rubuta "girma" kawai ba? Ku gwada neman "girma" a zaurenmu yau, ku ga abin da zai fito. Duk wanda ya taɓa rubuta "mai girma shugaba" zai bayyana, kuma mu, Allah Ya sani, ba ma rowar wannan kalma. Alama mai amfani ita ce wadda ba wanda zai rubuta ta cikin hira ta yau da kullum. Shi ya sa na ga ya dace mu liƙa "batu" a gaban kowace: `batugirma`, `batualbashi`, `batucanji`, `batufansho`, `batuhutu`, `baturasuwa`. Shida sun ishe mu. Idan suka kai ashirin, mutum biyu za su sa wa magana ɗaya alama daban-daban, a koma gidan jiya. Kada kuma a dogara da alamar `#`. A Telegram ana taɓa kalma mai wannan alama ta tattaro 'yan'uwanta, amma a WhatsApp ba ta yin wannan aiki.

Ku lura kuma babu harafi mai lanƙwasa a cikin shidan, kuma da gangan ne. Ni malamin Hausa ba zai ji daga bakina cewa a yar da ƙa'idar rubutu ba. Sai dai waya tana ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu mabambanta, kuma ba kowannenmu ne ke da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ ba. Wanda ya rubuta "ƙari" da wanda ya nemi "kari" suna iya saɓa hanya. A jikin saƙo a rubuta Hausa yadda ta dace. A wurin alama a zaɓi kalmar da ba ta buƙatar lanƙwasa.

Mu mazauna bakin iyaka muna da wata matsala makamanciyar wannan a wajen sunaye. Iyayen yara da 'yan'uwanmu da suka yi karatu a ɓangaren Benin, wajen Segbana, suna rubuta suna da ƙa'idar Faransanci: inda muke rubuta Yusufu su rubuta Issoufou, inda muke sa u su sa ou. Wanda ya adana lamba da rubutun can, ya zo yana nema da rubutun nan, zai rantse lambar ta ɓace. A adana suna da rubutu ɗaya, a ƙara gari da matsayi a bayansa, kamar a ce wakilin iyaye na makaranta kaza. Neman mutum da lambarsa ma ba abin dogaro ba ne kamar da, domin tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin suka koma goma maimakon takwas, aka ƙara 01 a gabansu bayan +229.

Game da rana, tsarin da na nuna shi ne shekara, sai wata, sai kwana, a haɗe. Ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Shi ne tsarin da wayar kanta ke sa wa hotuna, kuma amfaninsa a fili yake. Bincike yana kama farkon kalma, don haka rubuta `202503` zai fito da duk abin da aka yi wa alama a Maris ɗin 2025. Cewa "cikin azumi" kuwa ba ta tsayar da lokaci, tunda watan yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Akwai wani dalilin kuma: idan aka tura tsohuwar murya zuwa wani zaure, ranar turawar ce za ta bayyana a kanta. Ranar da aka rubuta a layi ita ce ke bin maganar, muddin an tura su tare.

Sunan zaure ba zai ɗauke mu lokaci ba. A sa sunan ƙungiya da wuri da aikin zauren, kamar `NUT Bagudo Shugabanni`, a bar shi haka. Tun 2023 sunan zaure yana iya kaiwa haruffa ɗari, saboda haka babu uzurin taƙaitawar da ba a ganewa. Masu sauya suna duk sallah su yi haƙuri su bari.

Kada tauraro da maƙalawa su ruɗe mu. Saƙon da ka sa wa `Star` kai kaɗai ke ganinsa a jerinka, ba ya taimakon sakataren da zai gaje ka. Saƙon da aka yi wa `Pin` a saman zaure kowa na ganinsa, amma wa'adinsa awa ashirin da huɗu ne, ko kwana bakwai, ko kwana talatin, sannan ya sauka. Abin da ya fi haɗari shi ne `Disappearing messages`. In aka kunna shi, mafi tsawon wa'adinsa kwana casa'in ne, wato maganar Maris za ta share kanta a watan Yuni, da ita da alamarta. Masu kula da zaurukan aiki su duba yau su tabbatar a kashe yake.

Alamar ba ta tsira daga ɓatan waya ko faɗawarta ruwa a mashigin Kwara ba, sai in akwai ajiya a Google Drive. Wanda aka saka a zaure daga baya kuma ba ya gadon tsofaffin saƙonnin watannin da suka wuce. Don haka ina roƙon reshe ya ɗora wa sakatare aiki biyu. Ƙarshen kowane zangon karatu ya yi `Export chat` ba tare da hotuna ba, ya adana rubutun da zai fito. Sannan kowane layi na alama ya kwafe shi da biro a littafin reshe, a gefen lambar wasiƙar da ta shafe shi, domin ofis wasiƙa mai sa hannu yake karɓa, kuma layin ne zai nuna mana wace wasiƙa za mu ɗauko.

Batun ladabtarwa ko rashin lafiya ko bashi kuwa, kada a sa sunan malami a layin da mutum ɗari za su gani. A sa lambar shafinsa a littafin reshe, sunan ya tsaya a hannun sakatare da shugaba.

Kafin mu tashi, ina so kowa ya fito da wayarsa. Zan aika murya ɗaya a zauren reshe, sakatare zai amsa ta da layinta, sannan kowannenmu ya nemo ta da kansa, wanda tasa ta ƙi fitowa ya ɗaga hannu mu duba tare.