TDR ta ce akwai, madubi ya ce babu: yaya za mu fahimci takardar awon zazzaɓi?



Da damina ta kama, kusan kowanenmu ya taɓa raka ƙane ko mahaifiya awon jini. Awon iri biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke nema ba.

Na farko shi ne na gaggawa, wanda ake rubuta TDR a takarda. A ɗiga jini, a jira minti 15 zuwa 20. Layi a wurin C kaɗai, babu. Layi biyu, C da T, akwai, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. In layin C bai fito ba, awon ya ɓaci, sai a sake. Amma ku lura, wannan awo bai ganin ƙwayar cutar kanta. Yawancin waɗanda ake aiki da su wani sinadari suke kamawa mai suna HRP2, wanda ƙwayar ke zubarwa cikin jini. Shi kuwa yana iya daɗewa sati biyu, uku, har fiye da wata bayan ƙwayoyin sun mutu. Kamar toka ce a murhu: ta nuna an hura wuta, ba ta ce wutar na ci yanzu ba.

Na biyu shi ne GE. Nan ana shafa jinin a gilashi, a rina shi, ma'aikaci ya duba da madubin likita ya ƙirga ƙwayoyin da idonsa. Misali ya samu 150 a daidai lokacin da ya ƙirga fararen ƙwayoyin jini 200. Ana ɗauka mikrolita guda, ɗan ɗigon da bai kai kan allura ba, na da fararen ƙwayoyi 8000. Don haka sai ya ninka 150 sau 40, ya rubuta 6000.

To, ga yaro ya sha maganinsa na kwana uku cif, ya warware. Bayan sati biyu jiki ya sake zafi. TDR ta ce akwai, GE ta ce babu. Wa ya yi ƙarya? Ba kowa. Mai yiwuwa tokar ce ta rage, zafin kuwa daga wani wuri yake, kunne, ƙirji ko fitsari. In kuka ruga kuka sayo wani maganin zazzaɓin, ainihin ciwon na can na ƙaruwa. Ku gaya ma likita ranar da aka sha magani na ƙarshe, wannan kalma guda tana sauya yadda zai karanta takardar.

Kuma kar ƙaramar lamba ta ruɗe ku. Ƙwayoyin da suka girma suna maƙalewa cikin ƙananan hanyoyin jini, har na ƙwaƙwalwa, inda ɗigon yatsa bai kai gare su. Yaron da ke jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya kasa shan nono, ko bai gane mutane, a kai shi asibiti nan take, ko nawa aka rubuta.